Ciwon ƙirji bayan doguwar tafiya: olsa ce ko wani abu dabam?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 27, ina da 'ya'ya biyu, kuma wata biyar ke nan ina shan ƙwayar tazarar haihuwa ta kullum. Na daɗe ina fama da olsa. Makon jiya na dawo daga Legas zuwa Kano a bas, kusan kwana muka yi a hanya. Yau kwana uku ƙirjina na sukata ta gefen dama idan na ja numfashi, kuma ko shara na yi sai haki. Sha-raɓata ta hagu ma tana ciwo. Mai kemis ya ce olsar ce ta taso, ya ba ni omifirazol, amma ban ji sauƙi ba. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Ki je asibiti yau, sashen ba da agajin gaggawa na babban asibiti inda ake da hoton ƙirji da na'urar auna iskar jini. Kada ki bari sai gobe, kada kuma ki tafi ke kaɗai. Ki dakata da ƙwayar tazarar har likita ya duba ki, ki tafi da kwalinta a hannu, kuma kada kowa ya matsa miki wannan ƙafar ko ya yi mata tausa. Abin da nake tsoro shi ne gudan jini da ya taso daga ƙafa ya je ya toshe jijiyar huhu. Ban gan ki ba, don haka ba zan yanke cewa shi ne ba, amma shi ya kamata a fara kawarwa kafin a ambaci olsa. Bari in nuna miki yadda muke bin lamarin, don ki san abin da za ki faɗa idan kin isa.

Mu fara da olsar, tunda a wajenmu duk ciwon da ya faɗo tsakanin wuya da cibiya ita ake ɗora wa. Galibin abin da mutane ke kira olsa a ƙirji ƙwannafi ne, wato ruwan tsamin ciki yana haurowa cikin bututun abinci. Ciwonsa ƙuna ce, a tsakiya, daga ƙahon zuci tana hawa sama. Yana zuwa bayan an ci abu mai maiƙo ko yaji, yana tsananta idan an kwanta da cikakken ciki ko an sunkuya, sau da yawa da gyatsa mai tsami ko ɗaci a baki. Ƙwannafi ba ruwansa da jan numfashi. Ba ya sa mace haki don ta yi shara, ba ya kuma sauka ƙafa. Ke kanki kin san yadda olsarki take, shekara da shekaru kuna tare. Idan ciwon yau bai yi kama da wanda kika saba ba, wannan kaɗai abin faɗa wa likita ne. Ko da ma maganin ya ɗan sassauta miki, ba hujja ba ce, domin akwai masu ciwon zuciya da suka sha maganin ƙwannafi suka ji kamar sun samu sauƙi.

Sukar da ke ƙaruwa da jan numfashi tana nuna mana wuri. Huhu kansa ba ya jin ciwo, tantanin da ya shimfiɗu a cikin bangon ƙirji ne mai ji. Idan wani abu ya fusata shi, duk numfashi sai ya goge shi, mutum ya ji kamar an soka masa allura. Saboda haka tambayar ita ce me ya taɓa tantanin, ko kuma bangon ƙirjin da ke motsi tare da shi.

Mafi sauƙi shi ne ciwon bangon ƙirji: tsoka ta jawu, ko guringuntsin da ya haɗa haƙarƙari da ƙashin ƙirji ya kumbura. Matasa da yawa da ke zuwa mana a firgice wannan ne ke damunsu, bayan ɗaukar kaya ko doguwar mura mai tari. Mutum zai nuna wurin da yatsa ɗaya, idan ka danna ya zabura ya ce "shi ne". Numfashinsa da bugun zuciyarsa lafiya lau. Limoniya kuwa tana zuwa da zazzaɓi da tari mai majina, kuma hoton ƙirji yakan nuna ta. Akwai ɓulewar huhu, inda iska ke tsiyayewa ta taru tsakaninsa da haƙarƙari har ya lanƙwashe. Wannan farat ɗaya take zuwa, ta fi samun dogayen samari sirara masu shan taba, ita ma hoto yana kama ta. Sai kumburin jakar da ta lulluɓe zuciya, wanda ciwonsa ke ƙaruwa idan an kwanta rigingine, ya lafa idan an zauna an karkata gaba. A ƙasashenmu tarin tibi yana cikin manyan masu jawo shi, shi ya sa muke tambayar rama da gumin dare.

Tambayoyi biyu ba na tsallake su a Arewa. Na farko, kina da sikila? Mai sikila da ciwon ƙirji da zazzaɓi da haki, gado ake ba shi nan take. Na biyu, yaushe kika haihu? Raunin zuciya na bayan haihuwa ya yi yawa a Kano da Zariya da Sakkwato, kuma yana zuwa da haki, kumburin ƙafafu duka biyu, da kasa kwanciya sai an tara matasai. Ciwon zuciya irin na toshewar jijiyarta bai cika samun mace mai shekarunki ba, kuma shi nauyi ne kamar an ɗora dutse, da gumi, yana yaɗuwa zuwa hannu ko muƙamuƙi. Duk da haka za a yi miki gwajin i-si-ji, mai duba yadda zuciya ke bugawa, don minti kaɗan yake ɗauka. Firgici ma yana matse ƙirji, amma wannan suna ne da muke bayarwa a ƙarshe, bayan an duba sauran.

Yanzu ga dalilin da ya sa hankalina ya tsaya kan gudan jini. Jinin ƙafa ba ya komawa zuciya da kansa, tsokar sha-raɓa ce ke tura shi duk lokacin da aka taka. Wanda ya zauna a takure, gwiwa a lanƙwashe, jinin sai ya kwanta a manyan jijiyoyin ciki. Tafiyar da ta wuce awa 4 tana ninka haɗarin daskarewarsa kusan sau biyu, ke kuwa kin yi ninkin wannan sau da yawa, kuma na san matafiya mata sukan ƙi shan ruwa don gudun neman banɗaki a hanya. Ga ƙwayar. Idan mai sinadari biyu ce, wadda ke ɗauke da istirojin, tana sa jini saurin daskarewa, tana ninka haɗarin sau biyu zuwa huɗu, kuma ya fi yawa a shekarar farko ta fara sha. Ga yawancin mata haɗarin ƙarami ne ko da an ninka shi, ba ina kushe ƙwayar ba ne. Amma a wajenki abu biyu sun haɗu. Gudan yakan fara a ƙafa ɗaya, ta yi ciwo, ta kumbura, ta yi ɗumi. Idan wani yanki ya ɓalle, jini zai ɗauke shi ya bi ta ɓangaren dama na zuciya ya cusa shi cikin jijiyar huhu. Ƙaramin yanki yana tafiya can gefe kusa da tantani, ya ba da irin sukar da kike ji. Babba yana tsayawa a bakin hanya, mutum ya yanke jiki ya faɗi. Ƙaramin sau da yawa gargaɗi ne cewa sauran yana nan a ƙafa.

Abin da ya sa wannan ciwo ke kuɓuce wa ma'aikatan lafiya shi ne yana iya ɓuya a gwaje-gwajen farko. A saurari ƙirji a ji shi tas. Hoton ƙirji ya fito lafiya. I-si-ji bai nuna komai ba sai saurin bugu. Har 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa tana iya nuna iskar jini 96 ko 97, wato lafiya lau, musamman ga matashiya mai ƙarfin huhu. Sai a ce "ba komai, olsa ce", a sallame ta. Ni kuwa mace mai haki da hoton ƙirji mai tsabta ta fi tayar mini da hankali.

Don kada mu dogara da zato kawai, muna amfani da ma'aunin Wells, wanda ke ba da maki. Mu gwada da ke. A ce an auna bugun zuciyarki an samu 108 a minti: duk abin da ya haura 100 maki 1.5 ne. A ce an sa awo a sha-raɓa, ta hagu ta fi ta dama kauri da fiye da santimita 3 kuma tana ciwo idan an taɓa: alamar gudan jini a ƙafa maki 3 ce. Kin kai 4.5. Idan hoto bai nuna limoniya ko ɓulewar huhu ba, har likita ya ga babu bayanin da ya fi gudan jini dacewa, ƙarin maki 3 ne, kin kai 7.5. Tarin jini, tiyata cikin mako huɗu da suka wuce, ciwon daji, ko taɓa yin irin wannan a baya, kowanne da nasa maki. Wanda bai wuce 4 ba ana yi masa gwajin jini mai suna di-daima. Idan ya fito ƙasa, an kawar da zargin. Wanda ya haura 4 ba a ɓata lokaci da wannan gwaji, kai tsaye ake zuwa siti-sikan na jijiyoyin huhu, wanda ake yi da allurar ruwan da ke haska jijiya. Ki sani di-daima yana hawa da juna biyu, da ciwo mai zazzaɓi, da bayan tiyata, don haka hawansa kaɗai ba ya tabbatar da komai.

Na san siti-sikan ba ko'ina ake da shi ba, kuma yana da tsada. Idan bai samu ba, a yi sikanin na jijiyoyin ƙafar, irin na'urar da ake duba masu ciki da ita. Idan aka ga gudan a can, ga kuma alamunki na ƙirji, ya isa a fara magani, tunda maganin ɗaya ne. Idan kuma zargi ya yi ƙarfi kuma hoto zai jinkirta, ƙa'ida ita ce a fara allurar hefarin mai tsinka jini tun kafin sakamako, muddin babu haɗarin zubar jini. A nan tarihin olsarki yake da amfani na gaske: ki faɗa musu ko kin taɓa yin baƙin bayan gida kamar kwalta ko aman jini, da ko akwai yiwuwar juna biyu, don hakan yana canza maganin da za a zaɓa. Kada ki sha dikulofenak ko ibufurofen don wannan ciwon, suna cin ciki kuma suna ƙara zubar jini idan aka haɗa su da maganin tsinka jini.

Idan an tabbatar, magani wata uku ne aƙalla, da warfarin mai buƙatar gwajin jini a kai a kai, ko sababbin ƙwayoyi irin su ribarokzaban. Ba za ki koma ƙwaya mai istirojin ba, amma akwai robar hannu da ta mahaifa da za ki tattauna da likitarki. Duk cikin da za ki ɗauka nan gaba, ki faɗi wannan tarihi tun awon farko.

Idan kin isa, kada ki fara da "ina da olsa". Ki ce: "Ina haki, ƙirjina na suka idan na ja numfashi, ƙafata ɗaya na ciwo, ina shan ƙwayar tazara, kuma na yi doguwar tafiya a mota." Idan kafin ku fita kika ji jiri, ko kika yi tarin jini, ko hakin ya kama ki kina zaune, a ɗauke ki zuwa mota, kada ki taka da ƙafarki.