Jijiyoyin da suke kumburowa a ƙafar mai aikin tsaye

Tambaya: "Anti Nas, barka da dare. Ni mai aski ne, ina tsaye daga ƙarfe 8 na safe har wajen 8 na dare. Kusan shekara guda ke nan wasu jijiyoyi suka fito mini a bayan ƙafar hagu, sun nannaɗe kamar igiya. Da yamma ƙafar sai ta yi nauyi ta kumbura. Akwai maganin da zai mayar da su?"

Amsar Anti (an rubuta daga muryar da ta turo):

Yauwa, ƙanena, barka dai. Ka yi haƙuri sai yanzu na sauka daga aiki, shi ya sa ka ji muryar tawa a dishe. Bari in fara gaya maka abin da ba za ka so ji ba: jijiyar da ta riga ta buɗe ta nannaɗe, babu ƙwaya ko man shafawar da zai mayar da ita yadda take. Amma nauyin da kumburin ana iya sauke su, ana iya rage saurin lalacewar, kuma in ta kama a rufe jijiyar gaba ɗaya, akwai hanya. A asibiti barikos muke ce wa abin.

Ka ga zuciya ita ke tura jini ya sauka ƙafa, wannan ba wuya. Dawowar ce aiki, don hawa zai yi. Cikin jijiyoyin da ke mayar da jini sama akwai wasu 'yan ƙofofi, kamar bawul ɗin taya, suna barin jini ya wuce sama, in ya so komawa ƙasa su rufe. Shi kuma mai tura jinin, naman sha-raɓarka ne, wannan tsokar ta bayan ƙwauri. Duk takun da ka yi tana matse jijiyoyin ciki, jini ya haura. To in mutum ya tsaya cik, famfon nan a kashe yake. Jinin tun daga ƙirji har idon sawu ya zama kamar ruwa a cikin dogon tiyo a tsaye, duk nauyinsa a ƙasa yake. An auna wannan: mai tsaye ba motsi, matsin jijiyar idon sawunsa yana kai wajen 80 zuwa 90, da ma'aunin da ake auna hawan jini da shi. Da ya fara tafiya, in bawul ɗinsa lafiya lau suke, sai ya sauko wajen 30 ko ƙasa da haka. Ka ga bambancin ko? Shi ya sa mai yawo wuni guda sau da yawa ya fi mai tsayuwa wuri ɗaya lafiyar ƙafa. Shekara da shekaru na wannan matsin, jijiyar saman fata sai ta buɗe, leɓunan bawul ɗin su daina haɗuwa, jini ya riƙa zubowa baya. Akwai gado ma a ciki, ka duba ƙafar Mama ko ta Baba. Ƙiba da yawan shekaru suna ƙarawa, mata kuma juna biyu.

Saboda haka abu na farko, ka kunna famfon nan kana cikin aikinka. Ba sai ka ajiye kilifa ba. Ka ɗaga dunduniya ka tsaya a kan yatsu, ka sauke a hankali, sau 15 ko 20, duk bayan rabin awa. Ko ka mai da shi ƙa'ida: kai ɗaya ya tashi, kafin na gaba ya zauna, ka yi. Ka riƙa zagaya kujerar da ƙafa maimakon miƙa hannu daga inda kake. In babu kowa, zauna ka ɗora ƙafa a kan wata kujerar. A gida kuma ka kwanta rigingine ka ɗora ƙafafun a kan matashi biyu ko uku, su fi ƙirjinka tudu, minti 15 zuwa 20. Ɗora ƙafa a kan ɗan benci kana zaune ya fi babu, amma bai kai wannan ba, tunda har yanzu zuciyar ce a sama.

Na biyu, kuma nan zan daɗe, safar matsi. Ba safar 'yan ƙwallo ba, ba bandejin da za ka naɗa da kanka ba. Ita an saƙa ta ne ta fi matsewa a idon sawu, tana yin sama tana sassautawa, don ta kora jini sama. A jikin kwalinta za ka ga lambar ƙarfin matsinta, kamar 15-20 mmHg ko 20-30 mmHg. Ta farkon mai sauƙi ce, ta wanda ƙafarsa ke gajiya kawai. Mai jijiyoyi a fili da kumburin yamma irinka, yawanci ta biyun muke ba shi. Mai kaiwa ƙasan gwiwa ta isa mafi yawan mutane, mai kaiwa cinya zamewa take yi, mutum ya gaji ya jefar.

Bari in ba ka labarin wani bawan Allah da muka duba, aikinsa guga, wuni yake a tsaye gaban tebur. Ya zo yana cewa safa ba ta yi masa komai ba, wata huɗu yana sawa. Na ce cire in gani. Da yamma ya je saye, ƙafa a kumbure, aka auna idon sawunsa santimita 26 aka ba shi babba. Da muka auna shi da safe, 23 ne. Ka ga safar rungumar ƙafar kawai take yi, ba ta matsa komai. Ga shi ta yi masa tsawo, sai yake naɗe bakinta a ƙasan gwiwa. Naɗin nan ya zama kamar an ɗaure ƙafar da roba, har ya yi masa shaida a fata, wato inda ya kamata ta fi sakewa nan ta fi matsewa. Kuma sai azahar yake sawa, in ya fara jin nauyi, lokacin jini ya riga ya taru.

To kai ga yadda za ka yi. Da safe kana tashi, kafin ka yi zirga-zirga, ɗauki tef ɗin awo irin na tela. Auna inda ƙafa ta fi siranta, saman ƙashin idon sawu. Auna inda sha-raɓa ta fi kauri. Sannan tsawo daga ƙasa zuwa kamar yatsu biyu kafin lanƙwasar gwiwa. Da lambobin nan uku ake zaɓa. Ka sa ta da safe, ka cire in za ka kwanta barci. Wajen sawa, ka juya ta ciki-waje har dunduniya, ka zura ƙafa, sannan ka riƙa jawo ta kaɗan-kaɗan, kada ta tattare. Ta kan saki bayan wata 3 zuwa 6, sai a canja. Biyu ake so, ɗaya a ƙafa ɗaya a shanya.

Amma jama'ar gidan nan ku ji wannan da kyau, don na san wani zai saya wa tsohonsa. Mai ciwon suga, mai shan sigari da ya daɗe, wanda ƙafarsa ke yin sanyi ko sha-raɓarsa ke ciwo in ya yi tafiya ya lafa in ya tsaya, kada ya sa safar nan sai an duba jijiyoyin da ke kawo jini ƙafar. Ana auna matsin jini a idon sawu a kwatanta da na hannu, a takarda za ka ga an rubuta ABPI. In ya gaza 0.8, ba a sa matsi mai ƙarfi kai tsaye, don za a iya toshe ɗan jinin da ke isowa. Kai ma, in ka sa ka ji yatsu sun mutu ko sun sake launi, cire.

Mu koma kan mai gugan nan. Da muka gyara masa safa, kumburin yamma ya ragu sosai cikin 'yan makonni. Sai dai na riga na ga wani abu: fatar cikin idon sawunsa ta yi duhu, ta yi tauri, tana ƙaiƙayi. Shi yana ce wa ƙyasbi ne, yana ta shafa mai. Ba ƙyasbi ba ne, jini ne ke tsattsafowa cikin fata yana barin tsatsarsa, kuma daga nan gyambo ke farawa. In an kai nan, safa kaɗai ba ta isa ba. Aka tura shi sikanin jijiya, dofla. A tsaye ake yin sa, a matse sha-raɓa a saki, a ga tsawon lokacin da jini ke komawa baya. In ya wuce rabin daƙiƙa, bawul ya lalace. Nasa ya haura daƙiƙa 2, a doguwar jijiyar da ta taso daga cikin idon sawu, ta bi cikin cinya har matsematsi. Ka ga igiyar da ake gani a ƙasa reshe ce, ɓarnar tana sama.

Aikin da aka yi masa, an zura siririyar waya cikin jijiyar, aka kashe zafin wurin da allura, aka ƙona cikinta da leza ta manne. Da ƙafarsa ya fita a ranar. Inda babu wannan, ko jijiyar ta cika nannaɗewa waya ba za ta bi ba, ana yin allurar kumfa mai sa ta shafe, sai dai ita an fi maimaita ta. Sai tsohuwar hanya, tiyata, a ɗaure jijiyar a zare ta. Tana aiki, jinyarta ce ta fi tsawo. Kullum sai an tambaye ni, to jinin ta ina zai bi? Manyan jijiyoyin ciki su ke ɗaukar mafi yawansa tun da can, waccan ma baya take mayar da shi. Kowace hanya aka bi, wasu na iya fitowa bayan shekaru, musamman in an koma tsayuwar. Ƙwayoyi irin su diyosmin kuwa, suna ɗan rage nauyi da kumburi, iyakarsu ke nan. Mai ciki ba a yi mata aiki, safa ce har ta haihu, da yawa suna lafawa da kansu.

Kai yanzu, tunda ba ka ce fata ta sake ba, fara da motsi da safa, ka ba su kamar wata 2 ko 3. In nauyin bai sauka ba, je ka nemi dofla. Amma ba a jira in fata ta fara duhu, ko rauni ya fito ya yi mako 2 bai warke ba, ko wata jijiya ta yi tauri da zafi tana ciwo in an taɓa. In kuwa ƙafa ɗaya ta kumbura farat ɗaya da ciwo, wannan yana iya zama gudan jini a jijiyar ciki, a ranar ake zuwa asibiti, kada a yi mata tausa. In numfashi ya fara sarƙewa ko ƙirji na suka, ko tsakar dare ne a tafi.

Af, na kusa mantawa, kai da ke aiki da reza da almakashi. Kada ka bari kowa ya huda jijiyar nan wai a fitar da mataccen jini. In kuma ta fashe da kanta ko wani abu ya karce ta, jinin da za ka gani zai tsorata ka, tsartuwa yake. Kada ka tsaya a tsaye kana neman tsumma, kada kuma a ɗaure cinya. Kwanta a ƙasa, ɗaga ƙafar sama ka jingina ta da bango, danne wurin da ƙyalle mai tsabta minti 10 ba ɗagawa kana leƙe, sannan a kai ka asibiti ko da ya tsaya.

Gobe da safe ka yi awon nan uku a ƙafa biyun, ka turo mini ta gefe tare da hoton idon sawunka ta ciki, a cikin haske, in duba fatar.