Minti goma na gwajin koyarwa

Tambaya: "An ba ni minti 10 in gwada dabarar yin tambaya a gaban abokan karatuna. Ta ina zan fara?"

Ɗan'uwa, ka zaɓi abin da suka riga suka sani, misali dalilin da ya sa ƙanƙara ke yawo a saman ruwa. In ka ɗauko sabon darasi, bayani zai cinye lokacin. Gabatarwa minti 2 ta isa. Rubuta tambayoyi biyar, daga "mene ne" zuwa "me ya sa".

Inda aka fi tuntuɓe shi ne jira. Ka yi tambaya, ka ƙirga daƙiƙa biyar a zuci, sannan ka kira suna. Shirun zai yi maka nauyi, amma ka daure. Ni a gwajina na farko da kaina na amsa tambayoyi uku! Ka sa wani ya ƙirga maka sau nawa ka yi haka.