Mahaifiyata na jin kunyar koyon tura kuɗi ta waya, ta ina zan fara?

Tambaya: Mahaifiyata ta haura shekara 65. Na saya mata babbar waya don in riƙa tura mata kuɗi kai tsaye, amma duk sanda muka zauna koyo sai ta ce kanta ya tsufa, ta miƙo min wayar. Kwanan nan na gano wani yaron maƙwabta take ba wa wayar da lambar sirrinta ya duba mata asusu. Ni 'yarta ce, ba na so ta ji kamar na raina ta. Yaya zan yi?

Amsa: Malama, kafin maganar koyo, a canja lambar sirrin nan yau. Ba sai an zargi yaron ba, mai yiwuwa taimako kawai yake yi, amma lambar da mutum biyu suka sani ta tashi daga sirri. Ki ce wa Mama za ku sabunta ta ne saboda tsaro, ki bar ta ta zaɓi sabuwar da kanta, ta kuma danna da hannunta. A guji shekarar haihuwa, ƙarshen lambar wayarta, da irin su 1234 ko 0000, domin su ɓarawo ke fara gwadawa. Idan tana tsoron mantuwa, ta rubuta a ɗan littafi ta adana a ɗaki. Ban da bayan murfin waya, ban da jakar da take yawo da ita, don wanda ya ɗauki wayar kada ya ɗauka har da mabuɗinta.

Abin da ya kai ta wajen yaron maƙwabta kunya ce. Uwa ta fi jin nauyin kasawa a gaban 'yar da ta haifa fiye da a gaban bare, kuma dattijon da ke jin kunyar tambaya shi ne wanda zai ɓoye in an damfare shi. Shi ya sa a wajenmu cire kunyar nan aikin tsaro ne, daidai da canja lambar sirri.

Sau da yawa ma laifin na wayar ne, ba na kan Mama ba. Fatar yatsa tana bushewa da tsufa, fuskar waya kuwa ba ta jin busasshen yatsa da kyau, sai mutum ya taɓa sau biyu shiru, ya ƙara ƙarfi, ya daɗe da yatsan a wurin. Ita wayar sai ta ɗauka ana so a riƙe abu ne, ta buɗe wani shafi dabam ko ta ja hoton manhaja zuwa wani gefe. Ana cikin haka hasken ya ɗauke saboda an saita shi ya mutu bayan daƙiƙa 30. Duk wanda wannan ya faru da shi sau uku a jere zai ce kansa ya tsufa.

Ki gyara wayar ke kaɗai kafin ku zauna. A wayar `Android`, shiga `Settings`, sai `Display`, ki ƙara `Font size` har ta iya karantawa ba tare da ta kanne ido ba, ki mayar da `Screen timeout` minti 2. A ƙarƙashin `Accessibility` ki nemi `Touch & hold delay` ki sa shi a `Long`, wannan ne maganin daɗewar yatsa. Ki kuma canja hanyar komawa baya daga shafar fuska zuwa `3-button navigation`, don ta ga maɓallin komawa da idonta. Sunayen sukan ɗan bambanta daga waya zuwa waya, akwatin nema da ke saman `Settings` zai kai ki. Daga nan ki share shafin farko, ki bar abu huɗu kacal: kira, saƙo, manhajar hira, da manhajar kuɗi. Idan buɗewa da zanen yatsa yana yawan ƙi, kada ki dage a kansa, zanen yakan shafe da shekaru. Lamba ta ishe ta.

Akwai gyara biyu na tsaro da ba su buƙatar ta koyi komai. Na farko, a ɓoye abin da saƙo ya ƙunsa idan waya na kulle, don kada lambar tabbatarwa da banki ke turowa ta bayyana ga duk wanda ya ɗaga wayar. Na biyu, a rage iyakar kuɗin da za a iya fitarwa a rana zuwa abin da take buƙata da gaske, ta manhajar ko ta wajen bankin. Idan akwai ajiya mai yawa, ta zauna a wani asusu da ba a haɗa da wannan wayar ba. Shi kuwa kulle layi da `SIM lock` yana da amfani in an sace waya, sai dai yana da haɗari ga sabon koyo: kuskure uku layin ya nemi lambar buɗe shi da ake kira `PUK`, kuskure goma a `PUK` layin ya mutu gaba ɗaya. Ki jinkirta shi sai hannunta ya faɗa, kuma ki ajiye lambar `PUK` tukuna.

A zaman koyo, wayar ta kasance a hannunta daga farko har ƙarshe. Wannan ce ƙa'idar da 'ya'ya suka fi karyawa. Da an ga iyaye sun tsaya sai a ce "kawo in nuna miki", a yi cikin ƙiftawar ido a mayar, ita ba ta ga komai ba sai saurin yatsunki. Ki zauna gefenta, ba gabanta ba, don dama da hagunku su zama ɗaya. Ki faɗi mataki da baki, ki yi shiru, ki jira. In ta ɓata, ki ce "Mama, danna na komawa, babu abin da ya lalace", domin babban tsoron da ke riƙe hannunta shi ne taɓawa ɗaya za ta kwashe kuɗin. Ki gaya mata a fili cewa kuɗi ba sa fita sai an sa lambar sirri a ƙarshe. Ku zauna ku biyu, ba a gaban jikoki ko baƙi ba, minti 15 zuwa 20, abu ɗaya a zama.

Abu na farko da za ta koya shi ne duba abin da ke cikin asusunta, ba turawa ba. Babu haɗari a cikinsa, kuma shi ne ainihin abin da ya sa take neman yaron. Ta maimaita shi kwana da kwanaki har ta yi ba ki ce uffan ba. Ta rubuta matakan da kalmominta, ko ta naɗi muryarta tana faɗa, irin "mai launin kore na ƙasa", wannan ya fi mata amfani fiye da naki bayanin. Idan karatun boko na ba ta wahala, manhaja mai hotuna ta fi mata sauƙi a kan hanyar danna lambobi mai farawa da `*` ta ƙare da `#`, domin wannan hanyar tana katsewa in an yi jinkirin amsawa, sai a koma farko.

Sai turawa. Ta tura miki mafi ƙarancin abin da manhajar ta yarda da shi, ke ma ki mayar mata, ta duba ta ga ya shigo. A nan ki dasa mata ɗabi'a guda: kafin lambar sirri, ta tsaya ta karanta sunan mai karɓa da adadin kuɗin da ƙarfi. Sifiri ɗaya ne tsakanin 10,000 da 100,000, kuma yatsan da ya daɗe a kan maɓalli yana iya ƙara shi. Kuɗin da suka tafi asusun wani ba sa dawowa da danna maɓalli, sai an bi ta banki, wani lokaci a sha jira. Ki adana mata mutum biyu ko uku da take yawan tura wa, don kada ta riƙa rubuta doguwar lamba.

Yanzu ga damfarar da ta fi kama dattawa, ku yi atisayenta da baki. Mutum zai kira, ya gaishe ta da ladabi, ya ambaci cikakken sunanta, ya ce daga banki yake, za a rufe asusunta yau in ba a sabunta ba. Zai ce, "Mama, za ki ga saƙo yanzu, karanto min lambobin." Saƙon zai shigo kuwa, kuma daga bankin gaske, wannan ne ke sa a yarda. Abin da ke faruwa shi ne, a daidai lokacin yana ƙoƙarin shiga asusunta daga tasa wayar ko biyan wani abu da katinta, bankin ya turo lambar tabbatarwa, wadda ake rubutawa `OTP`, yawanci lamba 4 zuwa 6 da ke mutuwa cikin 'yan mintuna. Gaggawar da yake yi kenan. Da ta karanta masa, ya shiga.

Dogon bayani ba ya zama a kai lokacin da mutum ya firgita, don haka ki ba ta jimla ɗaya: "Zan kira banki da kaina." Ta faɗa ta kashe. Dattawa da yawa suna ganin kashe wa mutum waya rashin mutunci ne, kuma ɗan damfara ya san da haka, saboda haka ki tabbatar mata ma'aikacin gaskiya ba ya tambayar lambar sirri ko `OTP`, ba kuma zai ji haushi ba. Ki yi muryar mai kiran, ita ta amsa, har jimlar ta zauna a bakinta. Ki adana lambar bankin ta gaskiya a wayar, wadda ke bayan kati ko cikin manhaja.

Jimlar nan ta isa ga mai cewa ya turo mata kuɗi bisa kuskure ta mayar masa. Saƙon shigar kuɗi ana iya ƙirƙirarsa, abin da ke cikin asusu ne shaida, kuma ko da kuɗin sun shigo, banki ne zai mayar. Haka in an ce ta sauke wata manhaja irin `AnyDesk` don a gyara mata matsala, wannan miƙa wayar ce ga wanda ba ta gani. In saƙo ya zo da sunanki daga sabuwar lamba ana neman kuɗi, ta kira tsohuwar lambarki ta ji muryarki.

Ki nuna mata alama ɗaya ta haɗari: sabis ya ɗauke a wayarta kaɗai alhali na mutanen gida yana aiki, an kashe an kunna bai dawo ba. Wataƙila wani ya ɗauke layin zuwa wani sim, saƙonnin bankinta na zuwa masa. Ranar za a tuntuɓi kamfanin layi da banki, ba washegari ba.

Idan kuma an riga an ci nasara a kanta, ki fara kiran banki a toshe asusu da kati, a canja lambar sirri, a rubuta lokaci da adadi da lambar shaidar fitar kuɗin, kada a goge saƙonnin, sannan a kai rahoto. Saurin sanarwa ne ke ba da damar tsayar da kuɗin kafin a kwashe su gaba, kuma ba za ki ji da wuri ba sai in ta san ba faɗa za ta tarar ba. Ki faɗa mata tun yanzu: "Mama, ko me ya faru da wayar nan, ko tsakar dare ne, ni za ki fara kira, ba zan tambaye ki me ya sa ba."