Me ya sa awon waya ya saɓa wa na tef?

Tambaya: Malam, da dare na auna ɗakina da waya, da hasken fitilar caji, don in sayo tayil a Ƙofar Ruwa. Ta ba ni mita 3.8 da 3.3. Mai aikin ya sa tef ya samu mita 4 da 3.5. Ƙasan siminti ne sumul, bangon kuma fari. Wayar ce ta lalace? Daga wani mai karatu a Gwammaja.

Amsa: Malam, wayarka lafiya lau take, abin kamawa ne ta rasa. Manhaja irin Measure ta iPhone, da 'yan uwanta na Android, ba ta san tsawon komai ba. Kyamara ce ke neman ƙananan alamomi, kamar tsagar siminti, zanen tabarma ko kusurwar ƙofa, ta lura da yadda suke gusawa yayin da kake motsa hannu. Sai ta haɗa wannan da bayanin na'urorin jin motsi da ke cikin wayar, ta ƙiyasta nisa. Farin bango ba shi da alama ko ɗaya. A hasken fitilar caji kuma hoto yakan yi dishi-dishi, ɗan abin da ke ƙasan ma ya ɓace mata.

Duba abin da wannan zai jawo maka. Awon tef ya ba da murabba'in mita 14, na waya 12.54. Giɓin ya kai kusan ɗaya da rabi, wato tayil huɗu masu santimita 60 da 60. Ana cikin aiki za ka koma kasuwa, kuma ba lallai ka sake samun launin da ka fara saye ba. Wannan ne ya fi damuna.

Sake gwadawa da hantsi, ka buɗe taga da ƙofa. Shimfiɗa tabarma ko jaridu a ƙasa, ka zagaya da wayar a hankali kafin ka sa ɗigon farko, wato alamar da awon zai fara daga gare ta, a kusurwar ɗakin. Bayan ka sa shi, ka ɗan matsa gefe. In ɗigon ya zame daga kusurwar, ko ya yi kamar yana lilo a iska, awon ya ɓaci, ka goge. Ajiye takardar A4 ka auna tsawonta: santimita 29.7 ne. In wayar ta kauce a nan, kada ka yarda da ita a mita huɗu.

Bayan an sa tayil ɗin ma za ta iya ruɗewa, domin mai sheƙi yana nuna hoton fitila da taga, kyamara ta ɗauke su alamomi alhali suna tafiya tare da kai. Madubi da gilashi sun fi muni. Wayoyi masu LiDAR, wato na'urar auna nisa da haske, irin iPhone 12 Pro ta 2020, sun fi jure duhu saboda suna harba haskensu, amma gilashi na yaudarar su.

Don sanin ko kujera za ta shiga falo, waya ta isa. Abin da za a yanka ko a biya kuɗinsa da mita, a sa masa tef.