Dokar sabis, wato bugun farawa, a wasan tenis na tebur

Tambaya: "Na ɗaga ƙwallon sama sosai, amma alƙalin wasa ya ba abokin karawata maki. Me ya jawo haka?"

Tsayin jifa sharaɗi ɗaya ne kawai. Dokar ITTF, hukumar tenis na tebur ta duniya, ta tanadi cewa ƙwallon za ta fara zama a kan buɗaɗɗen tafin hannu wanda ba ya motsi, ba a kan yatsu ba, domin kada a murza ta. Daga nan za ka jefa ta sama kusan a tsaye, ta tashi aƙalla santimita 16 daga tafin, wato ɗan fiye da tsayin raga wadda take santimita 15.25, kuma sai ta fara saukowa za ka buge ta.

Inda na fi zargin matsalarka shi ne ɓoye ƙwallon. Tun daga 2002 aka haramta kāre ta daga idon mai karɓa da hannu, kafaɗa ko riga, saboda daga yadda faifan buga ƙwallon ya goge ta ne yake gane irin juyin da aka sa mata. Mai tsayawa a karkace yakan bar hannun da ya yi jifan a gabansa, ya tare wurin bugun, alhali wajibi ne ya janye shi da zarar ƙwallon ta tashi. Haka nan dole ƙwallon ta kasance bayan layin ƙarshe, sama da fuskar tebur.

Nauyin gamsar da alƙali yana wuyanka. Idan shakka ce kawai, yana iya yi maka gargaɗi sau ɗaya a wasan, amma idan saɓawar a fili take, maki ya tafi nan take.