Ƙarfin kunna haɗuwar sinadarai daga zafi biyu

Tambaya daga ɗalibi a Yamai: k, wato ma'aunin saurin haɗuwar sinadarai, ya ninka sau biyu da zafi ya tashi daga digiri 25 zuwa 35 na Selsiyus, nawa ne Ea, wato ƙarfin kunna haɗuwar, kuma me yake nufi?

Fara da mayar da zafin zuwa Kalbin, wato 298 da 308, domin nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe. Sannan ɗauki ln(k2/k1) = (Ea/R)(1/T1 − 1/T2), inda k1 da k2 su ne ƙimar k a zafi na farko T1 da na biyu T2, R kuwa tsayayyen adadin iskar gas ne, R = 8,314 J/mol·K. Tunda ln 2 = 0,693, bambancin 1/T1 − 1/T2 kuwa 0,000109, za ka samu kimanin 53 kJ/mol.

Wannan adadi tsawon katangar da ƙwayoyin za su haura ne kafin su sauya, ba zafin da haɗuwar ke fitarwa ba. Da yake tazarar digiri goma ce kawai, ƙaramin kuskure wajen auna k yana karkatar da amsar sosai.