Kyanwar Italiya da ɓarawon Hausa

Tambaya: Malam barka da aiki. Ina zaune a Italiya, maigidana a wajen aiki yana yawan faɗin wani karin magana wai kyanwa ta yi ta zuwa wajen "lardo" har ta bar ƙafarta a can. Na fassara wa abokaina haka suka yi ta min dariya. Ya zan faɗe shi da Hausa?

Amsa: To ai dole su yi dariya ɗan'uwa, kalmomin ka kwaso ka baro maganar a can. Lardo ɗin nan kitsen alade ne da ake sa wa gishiri a ajiye, ka ga tun daga nan Bahaushe ya ɓata fuska, hankalinsa ya koma kan aladen ya manta da kyanwar.

Abin da nake yi kullum shi ne in tambayi kaina, a wane lokaci ake faɗinsa, kuma wa ake faɗa wa? Su Italiyawa suna faɗin wannan ne ga wanda ya saba ɓarna yana sha, yau ya yi ba a gani ba gobe ya ƙara, har ran da asirinsa ya tonu. To mu me muke cewa a nan? Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Shi kenan, ba kyanwa ba kitse amma wanda ya ji ya gane nan take. In an riga an kama shi ma sai ka gajarta ka ce dubunsa ta cika.

Wani lokacin kuma Allah kan kawo sauƙi, suna cewa gara ƙwai yau da kaza gobe, mu kuma ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, har ƙwan da kazar iri ɗaya. Amma irin wannan dacen ba kullum ba, kar ka saba.

Inda aka fi zamewa shi ne wanda ya yi kama sosai. Akwai nasu da ke cewa mai tafiya a hankali yana tafiya lafiya kuma ya yi nisa, kowa sai ya yi caraf ya ce sannu ba ta hana zuwa. Daidai ne, amma fa namu yana da jela, sai dai a daɗe ba a je ba, wato mun yarda za a makara. Nasu ba ruwansa da makara, lafiya da nisa kawai ya yi alkawari, shi ya sa iyaye ke faɗa wa yaro mai gudu da mota. In ka haɗa da jelar a irin wannan wurin ka ba yaron hujja ke nan, zai ce ka ji ko baba, ai shi ya sa nake taka wuta. Don haka yanke jelar, ko ka ce masa sauri ya haifi nawa.